Yadda ake zaɓen injin gem na farko idan tsohuwar laftof ce da kai

Toh jama'a, wannan maganar an sha yi min ita, mutum zai zo ya ce yana so ya fara haɗa gem amma laftof ɗinsa tsohuwa ce, wane inji zai sauke, Unity ko Unreal, saboda su kaɗai yake jin sunansu a YouTube. Amsata kullum ɗaya ce kuma ba ta yi wa mutane daɗi: ba kai ne za ka fara zaɓa ba, laftof ɗin ce za ta fara zaɓa, sai abin da ta bar maka sannan ka ɗauka a ciki. Shi ya sa zan bi da kai yadda muka yi da ƙanina a kan tasa kwamfutar, HP EliteBook 8460p ta hannu, ram 4, batirinta bai fi ya kai minti ashirin ba idan an ɗauke wuta. Idan abin ya yi aiki a kan wannan to naka ma akwai sa rai.

Ga wanda bai sani ba, injin gem manhaja ce da aka riga aka yi mata ayyukan wahala, zana hoto a sikirin, jin maɓallin da ka danna, sauti, gane cewa wannan abu ya bugi wancan. Kai naka shi ne ka ce abin da zai faru idan ya buga. Shikenan.

Mataki na farko: ka san abin da ke cikin kwamfutarka

Kada ka sauke komai tukuna, ajiye datarka. Danna maɓallin Windows tare da R, ƙaramin akwati zai fito, ka rubuta wannan ka danna Enter:

```
dxdiag
```

A shafin farko mai suna System ka nemi abu uku ka rubuta a takarda. Layin Operating System zai gaya maka wane Windows ne da kai kuma 64-bit ne ko 32-bit. Layin Processor zai ba ka sunan firosesa, layin Memory kuma yawan ram, idan ka ga 4096MB to giga 4 kenan, 8192MB giga 8. Sai ka koma shafin Display ka duba layin Name, nan ne sunan katin girafik yake, kuma wallahi shi ne ya fi duk sauran muhimmanci a wannan maganar, shi ne kuma wanda ba wanda yake dubawa. Kowa sai ya ce maka "ai tawa Core i5 ce", kamar duk i5 ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce malam. Akwai i5 ta 2011 akwai ta bara, suna ne kawai ya haɗa su.

Yadda za ka gane shekarunta, dubi lambar da ke bayan i5 ɗin. Ta ƙanina an rubuta i5-2520M, lambar farko 2, wato zubi na biyu, kuma girafik ɗin da ke tafiya da shi Intel HD Graphics 3000 ne. Idan taka ta fara da 3, kamar su EliteBook 8470p ko Folio 9470m ko ThinkPad T430, galibi HD 4000 za ka gani. Idan ta fara da 4 kamar EliteBook 840 G1, HD 4400. Idan ta fara da 6 kamar 840 G3, HD 520, kai kam a cikin masu tsofaffin kwamfuta kai ne alhaji.

Me ya sa nake nanata wannan? Domin injin ba ya magana da katin girafik kai tsaye, akwai yaren da suke amfani da shi a tsakani, sanannu su ne OpenGL da Vulkan da DirectX, kuma kowanne yana da zubi-zubi. Idan injin yana buƙatar zubin da katinka bai iya ba, ba wai zai yi nauyi ba ne, ƙin buɗewa zai yi ɗungurungum ko ya buɗe da baƙin sikirin. A kan Windows, HD 3000 iyakarsa OpenGL 3.1. HD 4000 ya kai OpenGL 4.0. Shi kuwa Vulkan, a girafik ɗin Intel a kan Windows sai daga zubi na shida yake farawa. Riƙe waɗannan ukun a kanka, yanzu za su yi mana amfani.

Abu na ƙarshe a wannan matakin, ka duba ko had dis ɗinka mai juyawa ne ko SSD, wato irin wanda ba ya juyawa kuma ya fi sauri. Windows da R kuma, rubuta `dfrgui`, ƙarƙashin Media type za ka ga ko Hard disk drive ko Solid state drive. Wannan ba zai hana inji buɗewa ba, amma shi ke sa ka zauna kana kallon sikirin kana jira kamar mai jiran mota ta cika a tasha.

Mataki na biyu: cire manyan biyun daga ranka

Unreal Engine 5 ba sai mun daɗe a kansa ba. Su kansu masu shi ram giga 32 suke ba da shawara da katin girafik mai zaman kansa, kuma girmansa a dis gomman giga ne. Datar da za ka ƙona wajen sauke shi ma kaɗai ta isa ta sa ka haƙura. Manta da shi a yanzu.

Unity ne mai ruɗar mutane saboda yana iya hawa kan laftof mai ram 4 ya buɗe, sai ka ɗauka ka ci nasara. Amma ka lissafa: sai ka fara sauke Unity Hub, ka buɗe akawun, ka kunna lasisi da intanet, sannan ka sauke editan kansa wanda giga da yawa ne, idan kana son fitar da gem na waya akwai ƙarin wasu gigan. Bayan duk wannan, duk lokacin da ka canza layi ɗaya a kod ka koma edita sai ya tsaya ya sake harhaɗa kod ɗin kafin ya bar ka ka taɓa komai. A sabuwar kwamfuta daƙiƙu kaɗan ne, a tsohuwa mai had dis mai juyawa zai iya kai ka kusan minti. Shi kuma ɗan koyo aikinsa kenan, canza lamba ɗaya, gwada, canza, gwada, sau ɗari a zama ɗaya. Idan kowane gwaji sai ka jira, kafin sati biyu ka bar abin kana cewa haɗa gem ba naka ba ne, alhali ba kai ba ne matsalar. Unity inji ne mai kyau kuma akwai aikin yi a cikinsa, idan kana da ram 8 zuwa sama da SSD ka gwada abinka, amma da ram 4 ni dai ba zan tura ƙanina can ba.

Mataki na uku: wane irin gem, kuma kana son rubuta kod ko a'a

Gem ɗinka na farko 2D ne, wato na shimfiɗaɗɗen hoto marar zurfi. Na san a ranka akwai wani gem na mota a cikin gari mai faɗi da kasuwa da adaidaita, ajiye shi, ba a wannan laftof ɗin ba kuma ba a wannan shekarar ba. Wani abu ƙarami muke nema, yaro yana gudu yana tsallake rami, ko dara a sikirin, ko kwando yana tarar mangwaro da ke faɗowa daga sama. Irin wannan tsohon girafik na Intel yana ɗaukarsa lafiya lau.

Da wannan sharaɗin zaɓin ya ragu zuwa uku a wajena.

Godot shi ne na farko kuma shi nake ba yawancin mutane. Wasu 'yan Ajantina biyu ne suka fara shi, Juan Linietsky da Ariel Manzur, aka sake shi kyauta ga kowa a 2014. Babu akawun, babu lasisin biya, ko ka sayar da gem ɗinka ba wanda zai nemi kaso. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ma instolin ɗinsa, fayil ne na zif da bai kai mega ɗari ba, ka warware shi ka danna ya buɗe, kana iya sa shi a filash ka kai wa aboki. Yaren kod ɗinsa GDScript, yana kama da Python, kuma idan ka canza layi ka danna F5 nan take gem ɗin ya tashi.

GDevelop shi ne na wanda kalmar kod ma tsoro take ba shi. A nan ba ka rubuta komai, jeri ne na sharaɗi da aiki, a hagu ka zaɓi "idan an danna maɓallin dama", a dama ka zaɓi "matsar da yaron". Kyauta ne shi ma kuma yana da kyau sosai wajen fahimtar yadda tunanin gem yake. Inda gizo ke saƙa shi ne editansa a kan fasahar burauza aka gina shi, wato cin ram ɗinsa irin na Chrome ne, idan kuma ka danna gwaji wata tagar yake sake buɗewa. Da ram 4 zai yi, amma sai ka rufe komai da komai.

LÖVE kuma na ajiye shi ne don ranar da komai ya ƙi. Shi ba shi da edita kwata-kwata, 'yan mega ne kawai, ka rubuta kod da yaren Lua a ko da Notepad ne ka ja foldar ka saka masa. Yana tashi a kan kwamfutar da ta tsufa ƙwarai, amma komai da hannunka za ka yi, ba inda za ka ja hoto da maus ka ajiye. Wanda ram ɗinsa 2 ne ya duba nan.

Ni ra'ayina, idan ba tsoron kod ne ya yi maka yawa ba, fara da Godot, saboda kod ɗin da kake gudu a ƙarshe shi za ka dawo ka koya, gara ka fara shi da layi biyar-biyar tun yanzu.

Mataki na huɗu: Godot 4 ko Godot 3, nan takardar ɗazu za ta yi aiki

Godot gida biyu ne. Akwai 4 wanda ya fito a watan Maris na 2023 kuma shi ake ci gaba da ginawa, akwai kuma 3 wanda har yanzu ana kula da shi saboda masu tsofaffin kwamfuta irinmu, 3.6 ya fito a 2024.

Godot 4 yana da hanyar zane uku da zai tambaye ka lokacin buɗe sabon firojet: Forward+ da Mobile da Compatibility. Biyun farko na sababbin katuna ne masu jin Vulkan ko makamancinsa. Na ukun da OpenGL 3.3 yake aiki. To koma kan takardarka. Idan HD 4000 ko 4400 ne da kai, ka wuce 3.3, kenan Godot 4 zai yi maka amma da Compatibility kawai. Idan HD 520 ne ko sama, duka ukun suna iya buɗewa, amma duk da haka Compatibility za ka zaɓa, ya fi sauƙi a kan kati kuma gem ɗin 2D na ɗan koyo ba ya rasa wani abin kirki a cikinsa. Idan kuwa HD 3000 ne kamar na ƙanina, 3.1 bai kai 3.3 ba, kana ƙasa da abin da su masu injin suka ce ana buƙata, naka Godot 3 ne, shi yana da hanyar OpenGL ES 2.0 da ke tafiya da tsofaffin katuna. Haka nan wanda har yanzu yake kan Windows 7 ko 8, sababbin zubin Godot 4 sun daina kula da su, shi ma ya nufi 3.

Mu mun yi taurin kai mun fara gwada 4 ɗin, don yaron ya ce shi sabo yake so. Saƙo ne ya fito mana wanda ya fara da `Unable to initialize` yana maganar direban bidiyo, shikenan ya rufe. A wasu kwamfutocin irin wannan yana iya lallaɓawa ya buɗe, amma ko ya buɗe ban ga dalilin da za ka gina koyonka a kan abin da ke tsaye da ƙafa ɗaya ba. Muka sauke 3.6 ya buɗe ba gardama. Akwai wata hanyar kuma, shi wannan HD 3000 ɗin a kan Linux yana kai OpenGL 3.3, amma ka ce wa wanda bai taɓa rubuta layin kod ba ya fara da sauya Windows, ka haɗa masa koyo biyu a lokaci ɗaya, ni ban ba da shawara ba.

Wajen saukewa, je godotengine.org kai tsaye, kada ka karɓa daga wani shafi na daban. Za ka ga iri biyu, na gama-gari da wanda aka rubuta .NET a jikinsa. Ɗauki na gama-gari, ɗayan na masu yaren C# ne kuma sai ka ƙara sauke wasu kaya kafin ya yi aiki. Idan Windows ɗinka 32-bit ne akwai nasa daban, duba da kyau.

Idan katinka ya isa amma Godot 4 ya ƙi buɗe wani firojet, yawanci an saita firojet ɗin a kan Forward+ ne, misali wanda ka sauke na wani. Buɗe foldar da injin yake, danna wajen adireshin folda a sama ka rubuta `cmd`, sannan ka rubuta sunan fayil ɗin injin yadda yake a wajenka ka bi shi da wannan:

```
--rendering-driver opengl3
```

Na Godot 3 kuma:

```
--video-driver GLES2
```

Mataki na biyar: gwajin dare ɗaya

Wannan shi ne ainihin zaɓen, duk abin da na faɗa a sama rage hanya ne kawai. Kada ka yanke hukunci da bidiyon wani mai kwamfutar miliyoyi, ka sa injin ya yi aiki a kan taka ka gani da idonka. Awa ɗaya ta isa.

Kafin ka fara, danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, je Performance ka duba Memory. A ta ƙanina Windows 10 kaɗai ya cinye kusan rabin giga huɗun tun ba a buɗe komai ba. Rufe burauza gaba ɗaya. Idan tutoriyal kake bi, kalle shi a waya ka jingina ta kusa da kibod, wannan dabarar kaɗai tana ceto ram mai yawa.

Buɗe Godot ka ƙirƙiri sabon firojet, ka ba shi folda ta kansa wadda babu komai a ciki, ka zaɓi Compatibility idan 4 ne, ko OpenGL ES 2.0 idan 3 ne. Idan edita ya buɗe, a hagu ka danna 2D Scene. A ƙasan hagu akwai wajen fayiloli, za ka ga hoton kan mutum-mutumin nan shuɗi, `icon.svg` a 4, `icon.png` a 3, ja shi da maus ka ajiye a tsakiyar fili. Danna dama a kan sunansa a jerin hagu ka zaɓi Attach Script, sannan Create, ka goge abin da ke ciki ka rubuta wannan da hannunka:

```
extends Sprite2D

var gudu = 300

func _process(delta):
	var d = Input.get_vector("ui_left", "ui_right", "ui_up", "ui_down")
	position += d * gudu * delta
```

Idan Godot 3 ne, layin farko kawai za ka canza ya zama `extends Sprite`, sauran duk ɗaya ne. Ka lura layuka biyun ƙarshe sun shiga ciki, da maɓallin Tab ake shigar da su, idan ka cakuɗa Tab da sifes zai yi maka jan rubutu a ƙasa. Yi sebin da Ctrl da S, danna F5, zai tambaye ka wane fili ne babba ka ce wannan da kake ciki. Taga za ta buɗe, danna kibiyoyin kibod, hoton zai motsa. A wasu laftof ɗin sai ka haɗa da Fn kafin F5 ya yi aiki, ko kawai ka danna alamar kunnawa a saman dama.

Bari in ɗan tsaya a kan `delta` ɗin nan domin mu masu tsofaffin kwamfuta ya fi shafa. Shi `_process` ana kiransa ne duk lokacin da aka zana sabon hoto a sikirin, `delta` kuma shi ne lokacin da ya wuce tsakanin hoton baya da na yanzu. Idan kwamfuta tana zana hoto 60 a daƙiƙa, 300 raba 60, kowane zane hoton zai matsa ɗigo 5. Idan tsohuwa ce tana zana 30 kawai, kowane zane zai matsa ɗigo 10. A ƙarshen daƙiƙa duka biyun sun yi tafiyar ɗigo 300. Idan ka cire `delta` ka daidaita gudun da ido a kan taka mai nauyi, ranar da ka kai gem ɗin kwamfutar abokinka mai sauri yaron zai riƙa tashi kamar an koro shi. Ƙanina ya yi wannan kuskuren daga baya, mun sha dariya.

Yanzu abin da kake aunawa. Na ɗaya, daga danna F5 zuwa fitowar taga daƙiƙa nawa ne? Ƙirga da bakinka. Idan bai wuce biyar ba kana lafiya, idan yana kai rabin minti a kan firojet da babu komai a ciki to akwai matsala. Na biyu, canza 300 ya zama 600 ka sake gwadawa, yi haka sau goma a jere ka ga ko ranka ya fara ɓaci, da gaske nake, wannan ma'auni ne. Na uku, yayin da gem ɗin ke gudana koma edita, a ƙasa akwai Debugger, cikinsa Monitors, ka danna FPS, wato yawan hoton da ake zanawa a daƙiƙa, ka ga ko yana zaune a wajen 60. Na huɗu sake leƙa Task Manager. Idan Memory ya haura kashi 90 kuma Disk ya maƙale a 100, ram ne ya ƙare Windows ya koma aro daga had dis, shi ne wannan daskarewar da maus ma yake ƙin motsi. Idan kuwa ram da saura amma bayan minti goma sha biyar komai ya fara ja, fanka tana ihu, gefen laftof ɗin ya yi zafi, to ba laifin inji ba ne, firosesa ce take rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Ɗaga bayanta da littafi iska ta shiga, sauke ta daga kan katifa, kuma idan ta shekara ba a buɗe ta ba kai wa mai gyara ya busa ƙurar hunturun da ta toshe fankar.

Idan kana shakka tsakanin Godot da GDevelop, yi wannan gwajin iri ɗaya a can ma washegari, hoto ɗaya, ya motsa da kibiyoyi, ka ƙirga daƙiƙu ka duba ram. Wanda ka gama da shi kana jin kana son ƙara wani abu, ka ce bari in sa masa abokin gaba, shi ne naka. A wajenmu 3.6 ya tashi cikin 'yan daƙiƙu, GDevelop ma ya yi aiki amma da ka buɗe gwaji sai ram ya cika taf, maganar ta mutu a nan.

Mataki na shida: tutoriyal ɗin da ya dace da zubinka

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa bayan sun tsallake duk na sama. Godot 3 da 4 sun bambanta a sunayen abubuwa, idan ka bi bidiyon 4 kana kan 3 za ka kwafi kod daidai harafi da harafi ya ƙi aiki, ka zauna kana zargin kanka. Yadda za ka gane cikin sauri: idan mai bidiyon ya ce `CharacterBody2D` ko ka ga `@onready` da alamar nan a gaba ko `await`, na 4 ne. Idan `KinematicBody2D` ne ko `onready` babu alama ko `yield`, na 3 ne. Kullum ka sa lambar zubinka a cikin abin da kake nema, haka ma a shafin bayanan injin na hukuma akwai wajen zaɓen zubi, kuma can akwai darasin gem ɗin 2D na farko daga tushe har ƙarshe, rubutu ne da hotuna, ba ya cin data kamar bidiyo. Cikin editan ma idan ka danna F1 akwai bayanin kowane abu ba tare da intanet ba.

Kuma wanda ya fara da 3 kada ya ji kamar an bar shi a baya. Yadda ake jera abubuwa a fili, sigina, karo, duk tunanin ɗaya ne, ranar da ka samu sabuwar kwamfuta sunaye ne kawai za ka sake sabawa da su.

Sauran ƙananan abubuwa da za su cece ka

Maganar fitar da gem ya zama manhajar waya, kada ka taɓa ta a watan farko. Tana buƙatar sauke wasu fayiloli da ake kira export templates, sun ninka injin kansa girma sau da yawa, ga kayan Android da Java a kai. Bari sai kana da gem ɗin da ya cancanci a nuna, ka samu waifai ka sauke su sau ɗaya.

Wuta kuma. Idan batirinka irin na ƙanina ne, Ctrl da S ya zama kamar numfashi, kuma duk dare ka kwafi foldar firojet ɗin gaba ɗaya zuwa filash ka sa mata kwanan wata. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki firojet ya dawo yana kukan hotuna sun ɓace, kafin hankalinka ya tashi rufe injin ka shiga foldar ka goge `.godot` idan 4 ne ko `.import` idan 3 ne. Ba aikinka ba ne a ciki, ma'ajiyar wucin gadi ce, zai sake gina ta da kansa idan ka buɗe. Ita kaɗai fa, kada hannunka ya zarce kan sauran.

Hotunan da za ka sa su zama ƙanana, ɗan wasa mai ɗigo 32 ko 64 ya isa, kada ka ɗauko hoton kyamarar waya mai faɗin ɗigo 4000 ka ƙanƙance shi a cikin edita, girafik ɗin Intel ba shi da ram nasa na kansa, daga cikin ɗan naka yake yanka.

Idan kuma ɗan kuɗi ya shigo kana tunanin me za ka ƙara wa laftof ɗin, ga yadda za ka yanke: abin da Task Manager ya nuna maka a gwajin nan shi za ka bi. Ram ke cika, ƙara ram ya zama 8, irin su 8460p ramin ram biyu gare su, amma ka tafi da laftof ɗin kasuwa a gwada a gabanka saboda akwai DDR3 akwai DDR3L, kuma idan Windows ɗinka 32-bit ne ba zai ga abin da ya wuce giga 4 ba sai an sake masa 64-bit. Dis ke maƙalewa a 100 alhali ram da saura, SSD za ka saya. Abin da kuɗi ba zai canza ba shi ne katin girafik, a haɗe yake da firosesa, don haka ko ka sa ram 16 a kan HD 3000 yana nan a OpenGL 3.1 ɗinsa. Ƙanina SSD ya fara sa wa tasa, har yanzu yana kan 3.6, gem ɗin tarar mangwaron nasa ya kai mataki na huɗu, yanzu rigimar da yake yi da shi ita ce kwandon yana fita daga gefen sikirin idan aka riƙe kibiyar dama.